Tsohuwar waya za ta iya tsare mini zaure da dare?

BabanHalima_Zariya
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tsohuwar Tecno a ajiye, gilashinta ya tsage amma kyamararta lafiya lau, Android 8 ce. Na ji ana cewa ana iya mayar da irinta kyamarar tsaro da manhaja ta kyauta. Abin da nake so shi ne ta riƙa kallon zaurena, nan nake aje moto da dare, kuma kwanan nan an shiga gidan maƙwabcinmu an fita da nashi. Ba ni da wifi a gida, forfe nake saye a wayata. Kuma kun san halin kuran a wanga lokaci na zafi. Abin zai yi, ko ɓata lokaci ne?

Na_Jibiya
Wa alaikumus salam. Zai yi mana. Ka sauke AlfredCamera a wayoyin biyu, ka shiga da adireshin Google guda, tsohuwar ka zaɓi Camera, wadda ke hannunka ka zaɓi Viewer. Minti biyar ka gama. Har gani take cikin duhu, akwai wurin da ake dannawa.

MaiGyaranWaya_Kasuwa
Alhaji BabanHalima, abin da Na_Jibiya ya faɗa na saukewa haka yake, in dai Play Store ta yarda ta sauka a wayar. Sai dai saukewar ita ce mafi sauƙin aikin. Irin waɗannan wayoyin da ake kawo mini a shago, ba manhaja ke ba su matsala ba, batir ne. Kafin komai, ɗora wayar a kan tebur mai sumul marar tudu ka danna kusurwarta. In tana girgiɗi, ko ka ga murfin baya ya ɗan ɗago, ko gilashin ya rabu da jikinta ta gefe, batirin ya riga ya kumbura. Wannan kada ma ka jona ta caji ka kwanta, balle a zauren da moto ke ciki da esans a tanki. A canza batir tukuna.

Maganar gani cikin duhu kuwa, a yi hattara. Kyamarorin tsaro na gaske suna da ƙananan fitilu masu hasken da ido ba ya gani, da shi suke gani da dare. Waya ba ta da su, kuma an sa wa kyamararta abin da ke tace irin wannan hasken. Abin da manhajar ke yi kawai ƙara wa hoton haske ne. In akwai ɗan haske zai fito, in babu ko kaɗan baƙi ƙirin za ka gani da ɗigo-ɗigo.

Na_Jibiya
To ni dai a ɗakina na gwada kuma na ga komai.

MaiGyaranWaya_Kasuwa
Akwai hasken da ke shigowa ta taga ko ta ƙarƙashin ƙofa ke nan. Ka gwada ranar da aka ɗauke wuta unguwa duka, ka rufe ƙofa. Kuma ganin mutum daban, gane fuskarsa daban.

BabanHalima_Zariya
Na duba yanzu, ba ta girgiɗi, murfin ma a manne yake. To tun da ba wifi, sai na sa mata layi ke nan? Nawa za ta riƙa ci mini?

Ɗalibi_UDDM
Kawu, ba sai ka sayi mega ba. Ka bar wancan, ka sauke IP Webcam. Ka buɗe, ka gangara can ƙasa ka danna Start server, za ta nuna maka adireshi a ƙasan allo, irin wannan:

```
http://192.168.43.1:8080
```

Ka rubuta shi a Chrome na ɗayar wayar, hoto ya fito. Ba rajista, ba asusu. Ko daga kasuwa kana iya kallo.

Injiniya_Sola
Ɗalibi, rabin maganarka daidai ne. IP Webcam ba ta buƙatar intanet, wannan gaskiya ne. Amma daga kasuwa ba zai gani ba. Duk adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, sai wayar da ke kan wifi guda da kyamarar ke iya isa gare shi. Wato Alhaji ya kunna wifin rabawa a tsohuwar wayar, ko da babu mega a cikinta, ya haɗa ta hannunsa da ita, sai ya ga zaure daga ɗakinsa in bangon bai yi yawa a tsakani ba. Da ya fita ƙofar gida ya yi nisa kaɗan, shi ke nan ta yanke. Kuma ko ya sa mata layi da forfe abin ba zai gyaru ba, don kamfanonin waya suna haɗa mutane da yawa a kan adireshin intanet guda, ba ka iya ƙwanƙwasa wa wayar ƙofa daga waje. Alfred ta kauce wa wannan ne saboda wayoyin biyu kowace tana fita zuwa na'urorin kamfanin, can suke haɗuwa. Shi ya sa take cin mega.

Ɗalibi_UDDM
A makaranta muka gwada ta yi, amma dai duk kan wifi guda muke. Na gane.

Injiniya_Sola
Bari in amsa tambayar Alhaji ta nawa za ta ci, don nan mutane ke ruɗewa. Kallon kai tsaye shi ke shanye forfe. Mu ɗauka hoton yana tafiya da kilobit 500 a daƙiƙa, wanda matsakaici ne. A awa guda mega 225 ke nan. Kuma sau biyu kake biya, tsohuwar wayar ta biya wajen turawa, ta hannunka ta biya wajen karɓa. In ka ce za ka bar shi a buɗe dare da rana wata guda, ya haura jiga 160 a kowane ɓangare. Babu mai yin haka.

Yadda ake yi shi ne ka kunna Motion Detection ka rufe manhajar a wayarka. Kyamarar na zaune shiru, ba ta tura komai sai ɗan abin da ke nuna tana raye. In wani abu ya motsa a gabanta sai ta ɗauki gajeren bidiyo, kamar daƙiƙa 30, ta tura, kai kuma saƙo ya shigo maka. Irin wannan bidiyon a lissafin da muka yi bai wuce mega 2 ba. In sau 10 aka motsa a dare, mega 20. A wata mega 600. Wannan kowa na iyawa. Inda ake shan wahala shi ne in ka sa ta inda komai ke motsi. Sau 200 a rana mega 400 ne, kafin mako ya ƙare forfen wata ya tafi.

UwarGida_Bagalam
Wallahi wannan na ƙarshen shi ya same ni. Ni tsakar gida na sa tawa ta kalla saboda tumakina. Iska ta kaɗa shanya, saƙo. Kaza ta gifta, saƙo. Inuwar dogon yaro ta motsa, saƙo. Da dare kuma ƙwari ke taruwa wajen fitila, wayata ta yi ta ƙara har na gaji na kashe mata murya. To in na kashe murya ina amfaninta? Daga baya ɗana ya rage ƙarfin jin motsin zuwa Low, ya karkatar da ita ta daina ganin itacen, ta ɗan yi dama. Amma tumakin su ma ai motsi suke, don haka har yanzu ba ta yi mini yadda nake so ba.

Injiniya_Sola
Hajiya, naki ya fi na Alhaji wuya nesa ba kusa ba. Ita manhajar kyauta canjin hoto take gani, ba ta san tunkiya da mutum ba. Kada ki sa ta kalli tumakin, ki sa ta kalli hanyar da za a bi a fita da su, ƙofar gida ko lungun garke, inda ba abin da ke wucewa da dare. Zauren Alhaji kuwa wuri ne rufaffe, ba iska ba kaji. In an kulle ƙofa ƙarfe 11, duk abin da ya motsa bayan nan ya cancanci a tashe shi.

Sarkin_Fawa_Mokoyo
Jama'a ni tambayata, wannan manhajar in na sa ta a wayar iyalina zan riƙa ganin inda take da wanda take magana da shi?

MaiGyaranWaya_Kasuwa
A'a malam, ba wannan ake magana ba. Kyamara ce da ake kafawa wuri guda tana kallon ƙofa. Abin da kake nufi leƙen asiri ne, ni ko an kawo mini shago ba na yi.

UwarGida_Bagalam
Allah ya saka da alheri Mai Gyara. Kuma tun da an taɓo, ko ta zauren ma Alhaji ya gaya wa mutanen gidansa. Mata na wucewa ta zaure, baƙi na shigowa, yara mata na talla suna sallama. Bidiyon nan ba a wayar yake tsayawa ba, can wajen kamfanin yake zuwa. Ni da na sa tawa sai da na tabbatar ba ta hango ƙofar makewayi ko gidan maƙwabta ta saman katanga.

Malam_Limanci
Maganar Hajiya abin dubawa ce. Tsare dukiya halas ne, amma an hane mu da bin diddigin sirrin mutane. A sanar da iyali, kuma kada idon kyamarar ya ƙetare iyakar gidanka.

BabanHalima_Zariya
Na ji, kuma zan gaya musu in sha Allah. Da dare kawai nake son ta yi aiki ma. Yanzu saura maganar wuta, ita ta fi damuna. Ɓarawo ai lokacin da aka ɗauke kuran yake so.

Injiniya_Sola
To mu yi lissafin gidanka. Waya mai kyamara a kunne da rezo tana cin kamar wat 2 zuwa 3, mu ce 2 da rabi. Daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe awa 7 ne, wato tana buƙatar kusan wat-awa 18. Batirin irin wayarka in 3000 mAh ne, yana sabo yana ɗauke da wat-awa 11 da 'yan kai. Yanzu da ya tsufa ka ce 8. Raba 8 da 2 da rabi, awa 3 ke nan da kaɗan. Ma'ana in an ɗauke wuta ƙarfe 11, wajen ƙarfe 2 na dare wayar ta mutu, daidai lokacin da kake buƙatarta.

Fawabank mai 10000 mAh na gaske yana da wat-awa 37 a ciki, amma wajen juyawa zuwa caji ana asarar wani kashi, abin da ke isa wayar kamar 25 ne. Wannan awa 10 ne, ya rufe daren gaba ɗaya. Mafi sauƙi shi ne ka caja fawabank da rana, da dare ka jona wayar da shi kai tsaye, ka manta da kuran. Kada ka dogara da jona fawabank a bango ita kuma wayar a jikinsa, don ba kowanne ke karɓar caji yana bayarwa lokaci guda ba, wani kuma in wuta ta tafi sai ya yanke fitarwa har sai an danna maɓallinsa. In kana son yin haka, gwada da rana: jona su, zare daga bango, ka ga ko alamar caji ta ci gaba a wayar.

Sai haske. Ampul na kuran zai mutu tare da wutar, to ka sa fitila mai batirin kanta, ko ƙaramin ampul na sola mai wat 3 zuwa 5, ya isa zaure. Ka rataye shi gefen wayar ko bayanta, haskensa na dukan ƙofa. In fitilar na gaban kyamarar tana haska ta, mai shigowa inuwa kawai zai fito.

Ɗan_Tibiri
Fawabank ɗin kasuwa da aka rubuta 10000 wani ko rabin haka bai kai ba. A auna shi da nauyi a hannu, mara nauyi ƙarya ne.

Injiniya_Sola
Nauyi ma ana yaudara da shi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a bar shi dare guda da kyamarar a kunne, da safe a ga ɗigo nawa suka rage.

MaiGyaranWaya_Kasuwa
Shawarar Injiniya ta da dare kawai ta yi mini daidai saboda wani dalilin kuma, zafi. Batirin waya abu biyu ya ƙi jini: zama cike 100 kullum, da zafi. In sun haɗu shi ne kumburin da na faɗa. Bai kamata a caja irin batirin nan ba in zafinsa ya wuce digiri 45. To a watan Afrilu da Mayu a Maradi iskar waje kanta tana haura 40, balle ƙarƙashin kwanon zaure da azahar, ga kyamara na ƙara nata zafin. Wayar da aka bari haka a jone dare da rana, cikin 'yan watanni murfinta ke ɗagowa. Don haka ka cire mata riga, kada ta taɓa kwano, ka bar tazara tsakaninta da rufi, da safe ka zare ta ka kashe. Wasu sababbin Samsung suna da wurin tsayar da caji a 85, amma tsohuwar Tecno irin taka ba ta da shi.

Akwai kuma abubuwan da za ka gyara a cikinta, in ba haka ba za ka tashi da safe ka tarar manhajar ta rufe kanta. Ka shiga Settings wajen batir, ka cire ta daga cikin waɗanda ake taƙaitawa. Tecno da Infinix da itel suna da Phone Master mai kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye, ka shiga wajen Auto-start ka ba ta izini. Ka kashe sabunta manhajoji na Play Store da tura hotuna zuwa Google, su ma ɓarayin mega ne. Ka goge WhatsApp da Facebook da duk abin da ba ka buƙata, ka sa ta shiru kada kira ya shigo ta yi ƙara ta tona inda take.

Ɗan_Tibiri
Ni fa duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. Layi, forfe, fawabank, fitila, ga cirewa da sawa kullum. Ka tara kuɗin ka sayi ƙaramar kyamarar wifi ta gaske mai gani da dare, ko ka sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau. Kyamara ba ta riƙe ɓarawo.

Na_Jibiya
Kyamarar wifin da wane wifi? Mutumin ya ce ba shi da shi. Sai ya sayi akwatin wifi, shi ma ya nema masa batir.

BabanHalima_Zariya
Sarƙa akwai Ɗan_Tibiri, na maƙwabcin nawa ma da sarƙa aka yanke. Abin da nake so in farka lokacin da ake yankewar. Amma akwai abin da ya faɗo mini: in ɓarawon ya ga wayar ya haɗa da ita fa?

Injiniya_Sola
Wannan tambayar ita ke raba manhajojin biyu. IP Webcam tana iya ɗaukar bidiyo in an motsa, amma a cikin wayar take ajewa. An ɗauke wayar, an ɗauke shaidar. Alfred tana turawa waje, don haka abin da ya riga ya tafi yana nan ko an fasa wayar. A tsarin kyauta kwana 7 yake zama, in ka ga abin da kake so ka sauke shi wayarka kafin ya goge. Sharaɗin dai rezo ya yi ƙarfi a zauren, don in turawar na jan ƙafa yana iya cafke ta kafin bidiyon ya fita. Ka tsaya daidai inda za ka kafa ta ka gwada layi biyu ko uku, Airtel, Zamani, Moov, wanda ya fi saurin turawa a nan shi za ka sa, ba wanda ka saba da shi ba.

Kuma kada ka sa adireshin Google ɗinka na gaske a cikinta. Buɗe sabo don wannan aikin kawai, ka shiga da shi a manhajar ta wayoyin biyu. In an sace ta ka canza kalmar sirrin nan take.

MaiGyaranWaya_Kasuwa
Wajen kafawa: sama da kai kaɗan, kamar mita 2 daga ƙasa, tana fuskantar ƙofa daga ciki, tazarar mita 2 zuwa 3. Kyamarar baya za ka yi aiki da ita, ta fi ta gaba. In ta yi sama sosai hula kawai za ka gani, in ta yi nisa fuskar ba za ta fito ba don hoton kyauta ba shi da kaifi sosai. Ka goge gilashin kyamarar duk mako, ƙurar hunturu na rufe shi. Ni ina ganin a ɓoye ta cikin kwali mai huji, da ramukan shan iska.

Ɗan_Tibiri
Ni kuma na ce a bar ta a fili. Wanda ya ga ana kallonsa yana iya juyawa. Wadda aka ɓoye sai bayan an yi ɓarna take amfani.

UwarGida_Bagalam
Waya a fili cikin zaure? Ai ko da rana wani yaron zai zare ta. Kyamarar gaske ce ke tsorata mutum, waya kuwa kwaɗayi take sawa.

Malam_Limanci
Alhaji, in saƙon ya tashe ka kada ka fita kai kaɗai. Ka kunna fitilu, ka ɗaga murya, ka kira maƙwabta. Moto ana sayen wani.

BabanHalima_Zariya
Na gode Malam. Ga abin da na yi jiya. Na sa Alfred da sabon adireshi, na jona fawabank ɗin yarona, fitila mai caji a kan katanga. Na sa ƙanena ya shigo bayan mun kulle. Saƙon ya iso mini amma ba nan take ba, ya riga ya kai wajen moton kafin wayata ta yi ƙara. Fuskarsa ta fito da ya juyo wajen fitila, da yana sunkuye ba a gane shi. Da asuba wayar na raye, fawabank ya rage ɗigo guda, bayanta da ɗumi amma ba zafi ba. Matsalar ita ce ƙarar saƙon ba ta da ƙarfi, in na yi barci mai nauyi ba zan ji ba.

Ɗalibi_UDDM
Wannan da sauƙi Kawu. Ka danne alamar manhajar a wayarka, ka shiga App info, sai Notifications, ka canza sautin zuwa mai tsawo mai ƙarfi. Ka duba kuma Do Not Disturb ba ya kunne da dare, ko ka ba ta izinin ƙetare shi. Ita ma ta hannunka ka cire ta daga taƙaita batir, kuma kada ka kashe mega in za ka kwanta.

Injiniya_Sola
Jinkirin kuma yawanci daga rezo ne. Ka sake gwadawa da wani layin, kuma ka yi gwajin wajen ƙarfe 2 na dare, don saurin rezo a lokacin ba ɗaya yake da na ƙarfe 9 ba. Ka faɗa mana mega nawa ta ci bayan mako guda, yana nan cikin Settings wajen Data usage.

UwarGida_Bagalam
Injiniya, na mayar da tawa lungun garke kamar yadda ka ce. Yanzu kyanwar maƙwabta ce ke bi ta nan kowane dare. Akwai yadda zan sa ta daina ganin ƙasa, ko sai na ƙara ɗaga ta sama?